Had-dis ɗin tsohuwar kwamfutata ya ƙi bari in buɗe foldar aikina

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Tsohuwar laftof ɗina ta mutu, mai gyara ya ce uwar allon ce ta ƙone, sai ya ciro had-dis ɗin ya saka mini a ƙaramin gida mai igiyar USB. Na jona shi a sabuwar kwamfuta mai Windows 11, ya fito a matsayin E:. Amma da na shiga E:\Users\HP sai ta ce "You don't currently have permission to access this folder". Na danna Continue, koren layin nan ya yi ta jan ciki, na gaji na soke. Duk aikin digirina na biyu yana cikin Documents, kuma ba ni da wani kwafi. Don Allah me zan yi?

Ɗan Kafe: Wa alaikumus salam Anti. Sunan asusun ne ya bambanta. Ki buɗe sabon asusu a sabuwar kwamfutar, ki sa masa suna HP kamar na da, zai buɗe. Idan ya ƙi ki yi Restart, yawancin matsalolin nan shi ke maganinsu.

Baban Ɗalibai: Ni ma irinta ta same ni bara da filashata. Duk foldojin suka koma shortcut, ashe bairos ne na kwaso a wajen buga takardu. Sai da aka yi mata format ta dawo daidai. Ki fara bincika bairos tukuna, 'yata.

Mai Gyara Titin Beirut: Baba, da girmamawa, taka daban tata daban. Hajiya, ko Windows ce da kanta ta nuna miki akwatin da ke cewa ki yi format, ki danna Cancel. Format share komai zai yi.

Ɗan Kafe ya gano bakin zaren, sai dai maganin nasa ba zai ci ba. Windows ba ta duba sunan da ke rubuce a kan asusu. Kowane asusu yana da wata doguwar lamba da ta fara da S-1-5-21, kuma wannan lambar ce aka rubuta a jikin kowace folda a matsayin mai izini. Ko kin buɗe asusu goma masu suna HP, kowanne da tasa sabuwar lambar, foldar kuwa tsohuwar take jira. Fayilolinki lafiyarsu ƙalau, sabuwar kwamfutar ce ba ta cikin jerin waɗanda aka yarje wa shiga.

Shi Continue ɗin da kika danna ba maƙalewa ya yi ba. Yana bin fayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙara sunanki a jerin, kuma a cikin foldar HP akwai wata ɓoyayya mai suna AppData da ke ɗauke da dubban ƙananan fayiloli. Ta igiyar USB abin kan ɗauki lokaci mai tsawo. Da kin bar shi wataƙila da ya gama, amma ni ba ta nan nake fara bi ba. Had-dis ne da ya fito daga kwamfutar da ta ƙone, kuma kwafi ɗaya ne tak a duniya, don haka na fi son a ɗebo kayan ba tare da an rubuta komai a kansa ba.

Ga yadda za ki yi. Danna Start, rubuta cmd, ki danna dama a kan Command Prompt ki zaɓi Run as administrator. Idan ba ki ga kalmar Administrator a saman baƙin allon ba, rufe ki sake, domin ba tare da ita ba umarnin zai ƙi. Sai ki rubuta wannan daidai yadda yake, har da alamomin zance:

```
robocopy "E:\Users\HP\Documents" "C:\Ceto" /E /B /XJ /R:1 /W:1
```

Sirrin yana wajen /B. Shi ke ba mai matsayin Administrator damar karanta fayil don ajiya ba tare da an duba jerin izini ba. Kwafin da zai sauka a C:\Ceto ba zai zo da tsohon jerin ba, zai gaji na sabon wurin, sai ki buɗe shi kamar kowane fayil. Su /R:1 da /W:1 kuma kada ki bar su. In babu su, duk fayil ɗin da ya ƙi, robocopy zai yi ta sake gwada shi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, ki zata kwamfutar ce ta daskare. In ya gama zai nuna ɗan jadawali a ƙasa. Ki faɗa mana lambar da ke ƙarƙashin FAILED a layin Files.

Ɗan Kafe: Oga, ai takeown ya fi sauƙi. Ni a shago takeown nake bugawa a kan had-dis ɗin gaba ɗaya, komai ya buɗe.

Mai Gyara Titin Beirut: Yana aiki, amma rabin aikin ne, ƙanena. Shi takeown mallaka kawai yake ba ka. Mai mallaka yana da ikon sauya jerin izini, amma sai ya sauya ɗin kafin ya iya karantawa, shi ya sa ake bin sa da icacls. Idan har za a yi, a taƙaita shi ga foldar da ake buƙata:

```
takeown /F "E:\Users\HP\Documents" /R /D Y
icacls "E:\Users\HP\Documents" /grant "%USERNAME%":F /T /C
```

Abin da ban yarda da shi ba shi ne bugawa a kan had-dis gaba ɗaya. Fayilolin Windows da yawa mallakar TrustedInstaller ne, da gangan aka yi haka. Idan mai kaya ya samu uwar allo daga baya ya mayar da had-dis ɗin gidansa, zai iya tarar da Windows mai ciwon da ba wanda ya san tushensa. Wanda kuma ya yi kuskuren harafi ya rubuta C: a maimakon E:, to kwamfutar da yake kai ya taɓa.

Uwar Biyu: Alhamdulillah Malam, Allah ya saka da alheri. Babi na ɗaya zuwa na huɗu duk sun buɗe. FAILED ya nuna 6. Sannan ga wata sabuwa: ina so in canja wa babi na huɗu suna a cikin C:\Ceto, sai ta ce "The action can't be completed because the file is open in another program", alhali na rufe Word. Ko izinin ne bai gama gyaruwa ba? In buga icacls ɗin a kansa?

Hajiyar Akanta: A'a ƙanwata, wannan ba ta izini ba ce, kada ki wahalar da kanki. Mu da muke yini a kan Excel a ofis mun saba da ita. Wata manhaja ce ta riƙe fayil ɗin ba ta sake ba. Ki fara duba gefen dama na tagar foldar: in akwai wurin da yake nuna abin da ke cikin takarda kafin a buɗe ta, to sau da yawa shi ne ya riƙe. Danna Alt da P tare ya rufe, ki danna wani fayil daban, sannan ki dawo ki gwada. In ya ƙi, danna Ctrl da Shift da Esc, a cikin Task Manager ki nemi Microsoft Word. Yakan ɓace daga allo amma yana nan a ɓoye yana aiki. End task ki huta. Kuma ki goge ɗan fayil ɗin nan da sunansa ya fara da ~$, shi ne makullin.

Mai Gyara Titin Beirut: Hajiyar Akanta ta faɗi daidai, sai gyara ɗaya a ƙarshe. Ɗan fayil mai ~$ ɗin sunan wanda ya buɗe takardar yake riƙewa. Idan Word ya mutu ya bar shi a baya, shi ke sa Word ya ce takardar tana "locked for editing". Amma ba shi ke hana canja suna a cikin folda ba. Goge shi ba laifi idan Word a rufe yake gaba ɗaya, sai dai kada a sa ran zai warware wannan saƙon.

Idan hanyoyin Hajiya biyu ba su yi ba, a daina canki-canki, a tambayi Windows wa ya riƙe. Danna maɓallin Windows da R, rubuta resmon, shiga shafin CPU. A tsakiya akwai Associated Handles da ɗan akwatin bincike. Rubuta wani ɓangare na sunan fayil ɗin, ki ɗan jira. Zai fito da sunan manhajar da ta riƙe shi. In WINWORD.EXE ne ko prevhost.exe, danna dama ki zaɓi End Process. In explorer.exe ne, koma Task Manager ki danna dama a kan Windows Explorer ki zaɓi Restart. Allon zai ɗan ƙifta ya dawo. In kuwa System kika gani ko svchost.exe ko MsMpEng.exe, kada ki kashe su. Na ƙarshen nan mai gadin bairos na Windows ne, yana leƙa sababbin fayilolin da kika kwafo, zai sake su da kansa. A nan ne shawarar Ɗan Kafe ta Restart take da gurbi. Restart fa, ba Shut down ba, domin idan Fast Startup a kunne yake, Shut down yakan adana wani sashe na tsarin ya dawo da shi yadda ya bar shi.

Uwar Biyu: WINWORD.EXE ne kuwa, na kashe shi, sunan ya canju. Saura shidan nan. Duk suna cikin wata folda ta bayanan da na tattaro, kuma robocopy ya rubuta ERROR 5 da "Access is denied" a gaban kowanne.

Ɗan Kafe: To kun gani! Yanzu ai sai takeown ɗina.

Mai Gyara Titin Beirut: Ina fata da haka ne. Fayil ɗin da ya ƙi /B yawanci ba jerin izini ne ya tsare shi ba. Uwar Biyu, buga wannan, ki sa ainihin sunan foldar a wurin Bayanai:

```
cipher /S:"E:\Users\HP\Documents\Bayanai"
```

Kowane fayil zai fito da harafi a gabansa. U na nufin a sake yake, sai mu nemi dalili a wani wurin. E na nufin an taɓa shiga Properties an zaɓi "Encrypt contents to secure data". In haka ne, abin da ke cikin fayil ɗin kansa aka rikita, kuma ko kin zama mai mallakarsa takeown da icacls ba za su warware rikitarwar ba. Mabuɗin yana ɗaure da tsohon asusunki da kalmar sirrinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce in an taɓa fitar da mabuɗin a fayil mai ƙarewa da .pfx. In babu, sai a saka had-dis ɗin a wata laftof irin tsohuwar a tayar da tsohuwar Windows ɗin, ki shiga da tsohuwar kalmar sirrinki, ki cire alamar. Kada kowa ya yi miki gwanintar share kalmar sirrin da wata manhaja, domin yin haka zai raba asusun da mabuɗin.

Hajiyar Akanta: Amma Malam, laftof ɗin ɗalibai ai yawanci Windows Home ne, kuma na ga a Home wannan akwatin a dushe yake, ba ya dannuwa. Ni na fi zargin had-dis ɗin ne ya fara lalacewa.

Mai Gyara Titin Beirut: Gaskiya ne Home ba ya yi, Hajiya, amma na hannu da muke sayarwa a kasuwa da yawansu Pro ne a kai. Kuma had-dis mai lalacewa ya fi nuna ERROR 23 da "cyclic redundancy check", ba 5 ba. Ban rantse ba dai. Mu ga harafin.

Uwar Biyu: E ne a gaban duka shidan. Ƙanena ne ya taɓa cewa ya kulle mini foldar saboda yara. Na kira shi, ya ce bai san wani .pfx ba. Kalmar sirrin kuwa ina jin ina tunawa da ita, ɗaya ce cikin guda biyu.

Mai Gyara Titin Beirut: To ki rubuta duka biyun a takarda yanzu. Ki cire had-dis ɗin ta Eject ki adana shi, kada a ƙara buga komai a kansa, musamman AppData, don a can mabuɗin yake. Ki tambayi mai gyaranki ko yana da laftof mai lambar samfuri ɗaya da tsohuwar da zai ara miki na awa guda.