Farin zare a gefen buta: laifin mai inji ko na mai yanka hoto?

Ɗan Kawo: Jama'a, raina a ɓace yake. Na yi wa wata Hajiya katalog na kayan kicin, butocin shayi da kuloli da filas, shafukan duk kore mai duhu. Na cire bangon kowane hoto a Photoshop, na yi Clipping Path, wato layin da ke yanke hoto daga bangonsa, na jera a InDesign, na fitar da PDF na kai wani gidan buga takardu. Aiki ya fito, kowace buta da siririn farin zare ya zagaye ta, cikin hannunta kuma fari fat. Mai inji wai laifina ne. Ni dai na faɗa, 'yan Korel ne suka kashe sana'ar nan a Kaduna.

Oga Mai Shago: Su waye 'yan Korel? Ka fito fili. Tun kana firamare muke fitar da kalanda da fostar siyasa da CorelDRAW a garin nan.

Ɗan Kawo: Oga, ban kama suna ba.

Oga Mai Shago: Ka kama. Je ka zaga shagunan buga takardu daga Ahmadu Bello Way har Kakuri, ka dawo ka gaya min abin da ka gani buɗe a kwamfutocinsu.

Yaron Rigasa: Allah ya ja da ran Oga! Mu PowerClip muke yi, mu zana da Bézier mu cusa hoto a ciki, shi ke nan. Masu Photoshop sai iyayi.

Baban 'Yan Biyu: Wannan ba wuƙar yankan sitika ce ta goce ba? Ni ma haka ya faru da ni a lambobin robar zoɓo, gefe ɗaya duk fari.

Yaron Rigasa: Baba, katalog ake magana, ba a yanka buta da wuƙa.

Malama ta Unguwar Rimi: Ɗan Kawo, bar batun Korel tukuna. Da me ka zana layin? Da Pen Tool, ko kuwa Magic Wand ka danna a kan farin bango ka ce Make Work Path?

Ɗan Kawo: Hotuna da yawa ne fa, Anti, kuma ana jira.

Malama ta Unguwar Rimi: To na ji amsa. Ka ga, in an ɗauki jar buta a gaban farin kyalle, ɗigogin hoton da ke daidai bakinta ba ja ba ne, ba fari ba ne, gauraye suke. Shi kuma layin nan yankan kaifi yake yi, ba ya dishe gefe ko kaɗan, duk ɗigon da ya faɗo cikinsa sai ya fito ɓaro-ɓaro. Magic Wand yakan tsaya a wajen gaurayayyun ɗigogin, ya bar maka su. A kan farar takarda ba mai lura, amma ka ɗora a kan kore mai duhu sai zaren ya bayyana.

Abin da ake yi, ka zuƙo hoton zuwa 300%, ka ɗauki Pen Tool ka bi gefen butar ta ciki, ka shiga jikinta da fikzel, wato ɗigon hoto, ɗaya ko biyu. Kada ka ji tsoron cin kayan mutane. A hoto mai fikzel 300 a inci, fikzel biyu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, ido ba zai gane an rage komai ba. Kuma ka rage yawan makin da kake dasawa a kan layin. Tumbin buta gaba ɗaya maki uku ko huɗu sun isa, ka sa su inda lanƙwasa ke juyawa, ka ja hannayensu su yi maka sauran aikin. Make Work Path yakan zuba maki barkatai, shi ya sa gefe ke fitowa kamar haƙoran zarto.

Yaron Rigasa: Duk wannan wahalar ta mece ce? A cire bango a ajiye PNG, ba bango ba rigima.

Malama ta Unguwar Rimi: Don sa hoto a waya, ƙwarai. Amma PNG ba ya ɗaukar CMYK, ba ya riƙe layin, kuma in zaren na jikinsa da shi za ka tafi. TIFF ko PSD ake ajiyewa. Ka fara yin Save Path, sannan ka zaɓi Clipping Path a gefen Paths. Gurbin Flatness ka bar shi fanko, injin ya yi da nasa.

Oga Mai Shago: Kun ji ko? Malama ta tabbatar ba laifin Korel ba ne.

Malama ta Unguwar Rimi: Oga, ban ce komai a kan Korel ba. Bézier ɗinku ma in aka bi ta waje, zaren nan zai fito.

Mai Atamfa: Don Allah tunda ana maganar, ni mayafai ne da leshi nake son a yi min. Yaron da ya yi min na bara duk ya aske gezar mayafin, ya zama kamar kwali. Shi ma ɗan Korel ne?

Malama ta Unguwar Rimi: Hajiya, naki daban ne. Layi mai kaifi na abu mai tsayayyen gefe ne: buta, kwalin sabulu, takalmi, waya. Geza da ramukan leshi da gilashi da inuwa ba sa yankuwa da shi, Layer Mask suke so, ko a bar su a kan bangonsu.

Ɗan Kawo: To farin cikin hannun butar fa? Wannan kam wurin mai inji ya faru.

Malama ta Unguwar Rimi: Ka zana ramin hannun? Sai ka zagaye shi da layi na biyu a cikin wannan Path ɗin dai, ba sabo ba, ka sa shi a Exclude Overlapping Shapes, sannan ya zama huda. Gwajin ba wuya: riƙe Ctrl ka danna ƙaramin hoton Path ɗin, ka buga Ctrl+J, ka shimfiɗa baƙi a ƙarƙashi. Duk farin da ya ɓuya zai fito. Zaren gefe kuma, in lokaci ya ƙure, akwai Inset Frame a InDesign ƙarƙashin Object > Clipping Path > Options, yana matso da layin ciki. Amma ba zai gyara maka haƙoran zarto ba. Yanzu buɗe PDF ɗin da ka kai musu, ka zuƙo buta ɗaya, ka gaya mana ko zaren na nan.

Yaron Rigasa: Ai amfanin bekta kenan, zanen layi irin wannan, ko ka ja shi ya cika allon talla ba ya fashewa.

Malama ta Unguwar Rimi: Gefen ne kawai ba ya fashewa. Cikin hoto ne, in ka ja shi sai ya dishe. Butar da za ta fito santimita 10 a takarda tana son fikzel wajen 1,180 a tsayinta. Shi ya sa nake cewa a turo hoto a WhatsApp ta Document, don kada ya matse shi.

Baban 'Yan Biyu: Ni har yanzu ina ganin wuƙa ce.

Ɗan Kawo: Babu wuta a unguwarmu, sai anjima zan duba. Amma na tabbata sun buɗe min aiki a Korel kafin su buga, koren ma ba shi na zaɓa ba.

Oga Mai Shago: "Na tabbata". Ka gani da idonka?

Ɗan Kawo: Wani yaron shagon ne ya gaya wa abokina.

Oga Mai Shago: To bari in taƙaita, tunda ni ne babba a nan. An yi ittifaƙi cewa CorelDRAW ba shi da laifi, Photoshop ne ke kawo farin zare, kuma duk wanda ya yi PowerClip ya huta. Yaran yanzu su rage girman kai. Ɗan Kawo ya janye kalmar 'yan Korel, a rufe maganar.

Malama ta Unguwar Rimi: Oga, wa ya yi wannan ittifaƙin?

Mai Atamfa: To ni nawa za a yi min mayafi ashirin?