Me za mu kira base64 da Hausa, da nauyin da yake ƙara wa hoto a cikin JSON?

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi da Hausa don masu koyon haɗa manhajar waya da saba, na zo inda ake aika hoto a cikin saƙon JSON sai na cije. JSON ba shi da gurbin ɗanyen fayil, rubutu yake ɗauka da lamba da jeri da makamantansu. Shi ya sa ake mayar da hoton haruffa ta hanyar base64, a sa shi cikin saƙon kamar kowane rubutu:

```json
{"suna": "rasit.jpg", "hoto": "/9j/4AAQSkZJRg..."}
```

Kalma biyu nake nema: sunan aikin mayarwar, da sunan ƙarin girman da hoton yake yi bayan an mayar da shi. Ba na son ɗalibi ya haddace suna bai san abin da ke faruwa ba.

Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce ɓoyewa kawai. Ai hoton ya ɓuya, wanda ya kalli tarin haruffan nan ba abin da zai gane.

Malam Habibu: A'a Bashir, wannan kalmar ce nake roƙon a nisanta. Ɓoyewa sai da mabuɗi, shi kuwa base64 ba shi da mabuɗi ko ɗaya. Duk wanda saƙon ya faɗa hannunsa zai dawo da hoton da umarni guda:

```
base64 -d rubutu.txt > rasit.jpg
```

Ranar da ɗalibi ya ji an ce ɓoyewa, zai ɗauki hoton katin shaidar mutane ya aika haka yana ganin ya tsare sirrinsu. Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba a gane komai. Dubi misalin Malama, ya fara da `/9j/`, ko ban ga sunan fayil ba na san JPEG ne. Da PNG ne da ka ga `iVBORw0KGgo` a farko.

Bari in nuna yadda aka samu `/9j/` ɗin, don a nan amsar tambayoyin biyu take. Kowane JPEG yana farawa da bayit uku, `FF D8 FF`. Bayit ɗaya bit 8 ne, uku sun zama 24. Sai a yanka 24 ɗin gida huɗu, kowanne bit 6:

```
11111111 11011000 11111111
111111 111101 100011 111111
  63     61     35     63
   /      9      j      /
```

Bit 6 yana ba da lambobi 64, daga 0 zuwa 63, kowace lamba da alamarta: manyan baƙaƙen Turanci 26, ƙanana 26, alƙaluma 10, sai `+` da `/`. Daga nan 64 ɗin ya fito. To kowace alama idan za ta bi waya bayit guda take ci, wato bit 8, alhali bit 6 kawai ta ɗauko. Bayit uku suka shiga, huɗu suka fito. Hoton yana nan yadda yake, an dai sake rubuta shi da wasu baƙaƙe, kamar a ɗauki wasiƙar ajami a juya ta boko: maganar ba ta canza ba, amma takardar da za ta ci ta canza.

Bashir: Na ji, Malam. To matsewa fa? Don ni na ɗauka ana yin haka ne hoton ya yi sauƙin tafiya.

Malam Habibu: Akasin haka ne. Sauƙin da ya samu shi ne ya sami shiga inda rubutu kaɗai ake karɓa. Nauyi kam ƙaruwa ya yi.

Isuhu daga Maraɗi: Mu nan okte muke ce wa bayit, amma lissafin ɗaya ne. Shawarata a bar shi "tushe 64", tunda abin da sunan yake nufi ke nan, yadda ake cewa tushe 2 da tushe 10 a darasin lissafi. Game da ƙarin kuma, ni na auna na ga rubu'i ne, kashi 25 cikin ɗari. Saƙon da ya kai 4,000,000, hoton da ke ciki 3,000,000 ne, miliyan ɗaya ta tafi a banza, ɗaya bisa huɗu ke nan.

Rabi'atu: Malam Isuhu, alƙalumanka daidai suke, sai dai daga ƙarshe ka auno. Idan ka tsaya kan saƙon da ya fita, rubu'insa ne ƙari. Idan ka tsaya kan hoton da ke hannunka, miliyan ɗaya a kan miliyan uku sulusi ne, wajen kashi 33. Mai rubuta manhaja hoton yake da shi, tambayarsa ita ce nawa zai koma, don haka sulusi zan koyar. "Tushe 64" kuma ina ganin ya yi a matsayin sunan tsarin. Matsalata aikatau ce. Ba zan ce "ka tushe 64 hoton" ba.

Hajiya Bilki: Ni ba ma'abociyar wannan fanni ba ce, Hausa nake koyarwa, amma tunda aikatau ake nema ga nawa. Muna cewa Hausanta, Larabta, tsarkaka, duk daga suna aka ƙero su. Idan aikin shi ne mayar da abu haruffa, me zai hana a ce haruffanta? Na haruffanta hoton, an haruffanta shi, haruffantaccen hoto. Kunne bai ƙi shi ba. Wanda zai dawo da shi kuma sai a ce ya warware.

Malam Habibu: Hajiya, Allah ya ƙara basira, wannan ta zauna mini. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi alƙawarin sirri ba, ba ta yi na ragi ba. Gyara ɗaya zan yi: ba base64 kaɗai ke haruffantawa ba. Akwai mai amfani da alamu 16, wanda ke mayar da kowane bayit alama biyu, ya ninka fayil sau biyu cur. Don haka a riƙa cika magana, a ce haruffantawa da tushe 64. A cikin lambar manhaja kuwa `base64` zai ci gaba da zama `base64`, don shi ɗalibi zai buga.

Nura: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ina jin tana da alaƙa. Na yi wa wani shago manhajar da yaran shago ke ɗaukar hoton rasit su tura. Wasu hotunan suna wucewa, wasu saba ta dawo da `413`, wato saƙon ya yi girma. Na duba iyakar nginx, manhajar da ke karɓar saƙo a sabar, `client_max_body_size` yana kan `1m` yadda ya zo, hoton da ya ƙi wucewa kuma bayit 900,000 ne, bai kai mega ɗaya ba. Kwana nake ina juya abin a raina.

Malam Habibu: Nura, ga ƙarin da Malama ke nema wa suna ya kama ka da hannu. Saba ba hotonka take aunawa ba, jikin saƙon take aunawa. Raba 900,000 gida uku, 300,000, ka ninka sau huɗu, 1,200,000. Iyakar `1m` kuwa bayit 1,048,576 ce. Ka haura da fiye da 150,000 tun ba a lissafa sauran JSON ɗin ba. Juya lissafin ka ga gaskiyar iyakarka: kashi uku cikin huɗu na 1,048,576 shi ne 786,432. Duk hoton da ya kai nan ba zai shiga ba. Gwada da mai 700,000 da mai 800,000, na farko zai wuce, na biyu zai dawo.

Akwai ƙananan ƙari da ke hawa kan sulusin, ka duba su ma. Idan manhajar ta Android ce kuma ka yi amfani da `Base64.DEFAULT`, yana karya layi bayan kowace alama 76, al'adar da aka gada daga saƙon imel, kuma kowane karyin layi a cikin JSON alama biyu yake zama, `\n`. Sa `Base64.NO_WRAP` ka huta. A PHP kuma `json_encode` yana mayar da kowane `/` ya zama `\/` sai in ka hana shi, alhali kusan alama ɗaya cikin kowace 64 ita ce `/`. Shi `=` da kake gani a ƙarshe kada ya dame ka, ciko ne idan bayit ɗin ba su rabu uku-uku daidai ba, ba ya wuce biyu.

Nura: Wallahi `DEFAULT` na sa. To in ɗaga iyakar kawai?

Malam Habibu: Za ka iya, zai yi aiki yau. Amma ka tuna datar yaran shagon ce ke ƙonewa, kuma saba sai ta ɗauki rubutun gaba ɗaya ta riƙe kafin ta warware, ga rubutun ga hoton a lokaci guda. Ni da ni ne, zan rage girman hoton a waya tukuna, rasit ba ya buƙatar 900,000, sannan in aika shi ɗanye ta `multipart/form-data`, JSON ya ɗauki suna da lambar rasit kawai. Haruffantawa tana da wurinta: ɗan tambari, sa hannu, ƙaramin hoto mai kilobayit 6 da zai koma 8. A nan ƙarin bai kai wahalar aike biyu ba.

Isuhu daga Maraɗi: Amma Malam, in an kunna gzip mai matse saƙo ai ƙarin yana zubewa.

Malam Habibu: Mafi yawansa yana zubewa, gaskiya ne, don gzip yana cin moriyar cewa alamu 64 kaɗai ke yawo. Sai dai ka lura da ɓangaren. Abin da saba ke aiko wa waya shi aka saba matsewa. Abin da waya ke turawa sama, irin na Nura, yawanci haka yake tafiya sai in kai ka shirya matsewar a ɓangarorin biyu. Kuma ko an matse a hanya, in ya sauka sai ya koma girmansa kafin a karanta.

Rabi'atu: To mu dawo kan suna na biyu. Ni kumburi ke zuwa mini. Hoton ya kumbura da sulusi.

Hajiya Bilki: Kumburi ciwo ne, 'yata, yana nuna wani abu ya lalace. A yadda Malam ya yi bayani, wannan ba lalacewa ba ce, farashi ne da aka sani tun kafin a fara. Ni "ƙarin sulusi" zan ce, sunan ya zo da lissafinsa.

Bashir: Ni kuwa kumburin ya fi kama mini kai, Hajiya. In aka ce da ni ƙarin sulusi sai na tsaya tunani, in aka ce fayil ya kumbura na gane nan take. Kuma ga na Nura ya wuce sulusi saboda karyin layi, ga mai alamu 16 da ke ninkawa biyu. Su me za a kira nasu?

Hajiya Bilki: Wannan tambaya ce mai kyau. Sai dai har yanzu kunnena bai karɓi kumburi a rubutun darasi ba. Ƙarin nauyi ma ai yana nan.

Rabi'atu: Haruffantawa da tushe 64 da warwarewa sun shiga darasin, na gode Hajiya da Malam Isuhu. Na biyun zan rubuta ƙarin nauyi a kan magana, in ce a tushe 64 sulusi ne, in kawo lissafin Nura na 900,000 a matsayin aikin gida idan ya yarda. Kumburi zan gwada shi a baki a aji in ji wanda ɗalibai suka riƙe.

Nura: Na yarda, Malama. Na sa `NO_WRAP` na kuma rage hotunan, na yanzu 240,000 ne, ya koma 320,000 ya wuce lafiya. Malam Habibu, in na koma `multipart/form-data`, bayanan rasit ɗin a saƙo ɗaya zan haɗa su da hoton ko in raba?