Neman taimako: ƙarar iyafis tana sauka da kanta idan na yi gumi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu gyaran waya game da iyafis ɗina mai igiya, wanda nake sauraron karatu da shi a hanyar zuwa shago a kasuwar Wunti, nan Bauchi. Da zarar rana ta take na fara gumi, sai ƙarar ta riƙa sauka da kanta har ta mutu, wani lokacin kuma karatun ya tsaya ko ya tsallaka zuwa na gaba.

Na fahimci cewa wayar Android tana gane maɓallan iyafis ne ta layin makirfo, inda kowane maɓalli yake da nasa awon turjiya, saboda haka danshi ko datti a bakin filogi mai milimita 3.5 na iya sa wayar ta ɗauka an danna. Na goge filogin da sifirit, na kuma zaƙulo ƙurar ramin wayar da tsinken sakace, amma matsalar tana nan. A wayar ƙanena ma haka yake yi, shi ya sa nake zargin ƴar akwatin maɓallan da ke kwanciya a ƙirjina, musamman da yake maɓallin rage ƙara ya daina yin ƙas idan an danna shi.

Shin buɗe akwatin a wanke zai wadatar, ko kuwa sai an cire maɓallin? Idan an cire shi, makirfon zai ci gaba da aiki? Allah ya saka da alheri.