Neman kalma: ya za mu ce da One-Click Unsubscribe da Feedback Loop?

Mai Fassara: Salam jama'a, a taimaka. Ina fassara takardar jagora ga ma'aikatan wata ƙungiya mai tura imel ga dubban mutane duk mako, gobe da safe zan miƙa. Wuri biyu na maƙale: One-Click Unsubscribe da Feedback Loop. Na farkon na rubuta "soke rajista da dannawa ɗaya" amma ya min tsawo.

Hajiya Malama: Wa'alaikumus salam. Rajista kam a'a, mutane za su ɗauka asusunsu gaba ɗaya za a rufe. "Cire suna" ya isa. Ai ɗan rubutun nan ne na can ƙasan wasiƙa da ake dannawa ko?

Injiniya: Hajiya "cire suna" ya yi, amma ba na ƙasan wasiƙa ake nufi ba. Wancan shafi yake kai ka, wani lokacin har a ce ka shiga da kalmar sirri. Wannan layi biyu ne da mai turawa ke sakawa a kan saƙon, inda mai karatu baya gani:

```
List-Unsubscribe: <https://example.com/u/abc123>
List-Unsubscribe-Post: List-Unsubscribe=One-Click
```

Gmail ko Yahoo su ke karantawa su fito da maɓalli a sama kusa da sunan mai turawa, in ka danna su da kansu za su aika wata irin buƙata da ake kira POST zuwa adireshin, kai ba ka buɗe komai ba. Dalilin layi na biyun kuwa, manhajojin tsaro suna bin duk mahaɗin da ke cikin saƙo don dubawa, sai a wayi gari an cire mutanen da ba su nemi a cire su ba, shi ya sa ƙa'idar intanet mai lamba RFC 8058 ta 2017 ta ce sai da POST. Kuma dole sa hannun DKIM, wato hatimin da ke tabbatar da inda saƙon ya fito, ya haɗa da layukan biyu.

Ɗan Damagaram: To ga kalma: CIRAU. Gajeriya, ta zauna a baki, kamar yadda ake cewa fiddau. Ku sa cirau kawai.

Baban Yara: Ni dai wallahi saƙonnin talla sun ishe ni a waya, sai da na tura STOP zuwa 2442 sannan na huta. Shi kuke nufi?

Injiniya: A'a Baba, wannan na tes ne, mu imel muke magana.

Hajiya Malama: Cirau kuma? Fiddau ai abin da aka fitar ne, to cirau mutumin da aka cire kenan, ba maɓallin ba. Ma'aikaci zai karanta ya rasa gane kai.

Ɗan Damagaram: Da daga Kano kalmar ta fito ko kuka ji ta a rediyo da tuni kun karɓa. Kullum sai a ce Hausarmu ta Nijar sai an duba ta. Gara cirau da mu zauna muna cewa dezabone ku kuna cewa ansabskiraib.

Hajiya Malama: Haba Malam, ni Basakkwatiya ce fa, wa ya kawo zancen Kano? Nahawu nake magana.

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Na biyun fa? Wani ya ba ni "madaukin martani".

Injiniya: Kar ki sa, ba wanda zai gane. Ga abin da ke faruwa: mutum ya danna Report spam, kamfanin imel ɗinsa ya mayar wa mai turawa labarin don ya daina tura masa. Yahoo na turo rahoton kowane saƙo in ka yi rajistar sunan yankin intanet ɗin da kake sa hannun DKIM da shi, Microsoft ma na da nasu, JMRP. Gmail kam ba za su faɗa maka wanda ya yi ƙorafi ba, kason ƙorafin kawai za ka gani a shafinsu na masu turawa, Postmaster Tools. Kuma tun Fabrairun 2024 suka ce kar kason ya kai 0.3%, an fi so ma ya zauna ƙasa da 0.1%. Wato in saƙo 10,000 ya shiga akwatin mutane, mutum 30 kacal suka danna, ka taɓa layin, daga nan wasiƙunka su fara faɗawa Spam. Wanda bai ga hanyar fita da sauƙi ba Report spam zai danna, nan abubuwan biyu suka haɗu. Ki tabbata ma takardar ta ce a cire suna cikin kwana 2.

Hajiya Malama: To ai "rahoton ƙorafi" ne.

Injiniya: Ya dace da na Yahoo. Na Gmail kuwa ba rahoton kowa ba ne, ni da "komen ƙorafi" zan ce, don dawowar ita ce maganar.

Ɗan Damagaram: Kome ai na makiyaya ne da na amarya. Shi an yarda, cirau an ƙi.

Mai Fassara: Na sa "cire suna da danni ɗaya". Na biyun "rahoton ƙorafi" a kanun, a ciki na bayyana bambancin Gmail da jimla guda. Injiniya, saƙon rasit da na sauya kalmar sirri su ma sai da layukan nan?

Injiniya: A'a, na talla da wasiƙun labarai ne kawai. Kome dai har yanzu ya fi min.

Ɗan Damagaram: Danni ɗaya ba laifi. Amma a nawa darasin cirau zan koyar.