Na ɗora fuskar ƙanena daga selfi a hoton sutudiyo, ya koma kamar wani mutum daban

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mana hoton iyali a sutudiyo, mai hoton ya ce da gilashin kyamara mai milimita 85 ya ɗauka. Kowa ya fito ras sai ƙanena da ya rufe ido. Ya riga ya yi tafiya, sai ya turo mini selfinsa don in yanko fuskar in ɗora. Na daidaita idanu da idanu a Photoshop, amma hancin ya yi kumburi, fuskar kuma ta tsuke a cikin kan. Idan na ƙara girmanta don ta cika, idanun su yi ƙato-ƙato. Ina mafita?

Mai gyaran hotuna a waya: Wa alaikumus salam. Launi ne bai haɗu ba, ɗan'uwa. Ka daidaita hasken fatar da na wuyansa, ka goge bakin yankan da buroshi mai laushi, za ka ga ya zauna.

Mai tambaya: Na gode, amma launin na riga na haɗa. Siffar ce ta ƙi.

Ɗalibar zane: Yaya, gilashin kyamarar gaba ne. Mai faɗi ne, yawanci tsakanin milimita 23 zuwa 26 a ma'aunin babbar kyamara, kuma irinsa yana kumbura tsakiyar hoto. Ka shiga Filter, ka zaɓi Lens Correction, ka ja Remove Distortion har hancin ya koma.

Tsohon mai ɗaukar hoto: 'Yata, kin kama gefe guda, amma wannan maganin ba na wannan ciwon ba ne. Lens Correction yana miƙar da layin da gilashi ya lanƙwasa, kamar ƙyauren ƙofa da ya fito da ciki. Yawancin wayoyi ma suna gyara wannan da kansu kafin su ajiye hoton. Abin da ya kumbura hancin yaron nan kusanci ne. Da zai tsaya nesa da mita 2 a ɗauke shi da wannan kyamarar ta gaba, a yanko fuskar daga tsakiya, siffarta za ta zo ɗaya da ta gilashin 85 da aka ɗauka daga wannan nisan. Laifin gilashi mai faɗi shi ne yana sa mutum ya matso kafin fuskarsa ta cika hoton.

Malam mai tambaya, bari mu yi lissafi da kai. Mu ɗauka wayar tana santimita 30 daga idanunsa. Tsinin hanci ya fi idanu matsowa da kamar santimita 3, kunnuwa kuma suna baya da kamar santimita 10. Wato hanci yana 27, ido yana 30, kunne yana 40. Kyamara tana ƙara girman abu gwargwadon kusancinsa, don haka idan ka gwada da idanu, tsinin hanci ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari, faɗin kai a wajen kunnuwa kuma ya ragu da kashi 25.

Yanzu koma sutudiyo, mu ce mai hoton yana mita 2 daga gare shi. Hanci 197, ido 200, kunne 210. Hancin bai ƙaru da ko kashi 2 ba, wajen kunnuwa ya ragu da kashi 5 kacal. To ka ga inda ka maƙale: da ka haɗa ido da ido, kan da ke cikin selfi ya fi na sutudiyo tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa fuskar take iyo a tsakiya. Da ka buɗa ta don ta kai gefe, sai ka buɗa ido da hanci da baki gaba ɗaya, alhali hancin dama ya riga ya yi yawa. Babu girman da za ka zaɓa ya gamsar da tsakiya da gefe a lokaci guda.

Ka duba selfin da kyau, za ka tabbatar da kanka. Kunnuwan sun ɓuya bayan kumatu ko sun zama siraran yanki, a hoton sutudiyo kuwa suna nan a fili. Idan ya ɗaga wayar sama da kansa, goshi zai yi faɗi, haɓa ta zama 'yar mitsitsiya. Idan fuskar tana can gefen hoton, za ka ga an ja ta zuwa kusurwa, wannan kam aikin gilashi mai faɗi ne, a nan 'yata tana da gaskiya.

Ma'aikaciyar jinya: Baba ya tuna mini da wani bincike da ya fito a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery a 2018. Sun lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga inci 12, wato kusan santimita 30, yana nuna hanci ya fi girmansa da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma daga ƙafa 5, kusan mita ɗaya da rabi, bambancin ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin yana damuna, domin akwai matasan da suka tsani hancinsu saboda hoton waya kawai. Sai dai Baba, kai 11 ka ce, su kuma 30.

Tsohon mai ɗaukar hoto: Ni da idanu na gwada hancin, da alƙaluman da na ƙiyasta. Idan kika gwada shi da faɗin fuska, wadda ita ma ta tsuke, tazarar tana ƙaruwa sosai.

Mai tambaya: Na fahimta yanzu. To Liquify fa, abin jan siffa na Photoshop, ba zai gyara ba?

Ɗalibar zane: Ni ina ganin zai yi. A Face-Aware Liquify akwai Nose Width da Face Width, ka rage na farko ka ƙara na biyu.

Tsohon mai ɗaukar hoto: Zai rage ɓarnar, ban musa ba. Amma gefen kumatu da gaban kunne da kyamara ba ta gani ba tun farko, babu su a cikin hoton, jan fata kawai za ka yi ta rufe wurin. Mahaifiyarsa na kallo za ta ce wannan ba ɗanta ba ne, ko da ta kasa faɗin dalili.

Shawarata, tunda shi ya turo hoton kuma ya yarda da aikin, ka tura masa na sutudiyon, ya sa wani ya ɗauke shi da kyamarar baya daga nesa da mita 2. Idan wayar tana da 2x ko 3x a yi amfani da shi, don fuskar ta samu isasshen kaifi bayan an yanka. Wayar ta tsaya daidai tsayin da kyamarar sutudiyo ta tsaya, fuska a tsakiyar hoto, ya juya kai kamar yadda ya juya a wancan, haske ya zo ta ɓangaren da ya zo. A kashe abin gyaran fata. Idan sabon hoton ya iso, ka sa Opacity a 50 don ka riƙa ganin hoton da ke ƙasa, ka haɗa idanu, sannan ka duba ƙasan hanci da haɓa da kunnuwa. In duk sun faɗa wuri ɗaya, nisan ya yi daidai.

Kuma kafin duk wannan, tambayi mai sutudiyon. Da wuya a ce sau ɗaya ya danna. Wataƙila akwai wani da yaron ya buɗe ido, sai ka ɗauko idanun kaɗai daga can.

Mai gyaran hotuna a waya: In babu, ai ko daga selfin ma idanun kaɗai za a iya yankowa, a bar hanci da baki na asali. Amma a lura, selfi kan fito a juye, hagu ta koma dama. A duba tsagar gashi ko wani tabo kafin a ɗora.

Tsohon mai ɗaukar hoto: Wannan dabara ce mai kyau, musamman in an yanko kowane ido daban. Damuwata ita ce inda yake kallo, domin mai selfi allon waya yake duba, ba gilashin ba, sai ƙwayar idon ta ɗan kauce.

Ɗalibar zane: Baba, a hoton mutane da yawa wa zai lura da wannan? Ni dai har yanzu ina ganin Liquify ya isa in ba za a buga hoton da girma ba.

Mai tambaya: Za a buga shi babba ne don a rataye. Na kira mai sutudiyon, ya ce zai duba katin kyamararsa gobe. Na kuma tura wa ƙanena bayanin mita 2 ɗin. Allah ya saka da alheri.