Shawarar 'yan kasuwar Garwa kan sauya lambar asusu

Abin da akasarin 'yan kasuwar da suka tattauna a Garwa suka tsaya a kai shi ne, kada a sanar da sabuwar lambar asusu ta saƙon waya kaɗai. A buga takarda mai hatimin shago, da sunan banki, sunan mai asusu da ranar daina amfani da tsohon, a miƙa hannu da hannu.

Wani dattijo mai sayar da hatsi ya ce a ƙara layi ɗaya: "Duk saƙon da ya ce mun sake sauya lamba, kada ku tura ko sefa ɗaya sai kun kira lambar da kuka saba." Ina ganin wannan ya fi komai, domin ɗan damfara yakan sa tasa lambar waya cikin saƙon, yana gaggauta mutum. Manyan abokan ciniki kuwa su fara tura sefa 1,000, a tabbatar ta shiga.