Yadda mai ritaya zai auna tayin koyarwa na wucin gadi

A wata tattaunawa da aka yi a kan karɓar aikin koyarwa na wucin gadi bayan ritaya, galibin mahalarta, waɗanda da yawansu suka bar aikin gwamnati bayan shekara 35 ko cikar shekara 60, sun yi ittifaƙi cewa kuɗin da ake biya a kan kowace sa'ar koyarwa yana ruɗar mutum.

Aka kawo misalin tsohon akanta da kwaleji ta nema ya koyar sa'a 2 a mako. Shirya darasi zai ci masa wasu sa'o'i 2, zirga-zirga sa'a 1, ga duba takardun jarrabawa a ƙarshen zango, wanda sau da yawa ba a biyansa daban. Saboda haka sa'a 2 ta zama aƙalla 5, kuma a kan 5 ɗin ya kamata ya raba kuɗin, bayan ya cire na mai. Ya kuma tambayi yawan ɗalibai tun farko, domin shi ke ƙayyade nauyin dubawar.

A ganina, shawarar da ta fi nauyi ita ce ya nemi takardar yarjejeniya mai bayyana ranar biya, sannan ya tambayi waɗanda suka riga shi ko an biya su haƙƙinsu na zangon da ya wuce.